Turanci, Faransanci ko Larabci: wanne zan ba lokacina?

Tambaya: Malam, ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, shekarata 22. Na gama sakandare, amma D7 na samu a Turanci. Na yi makaranta har na sauke, na karanta Ahalari da Ishmawi. Yanzu ina taya kawuna kasuwancin albasa. Baba yana so in nemi gurbin karatu a ƙasar Larabawa, abokina kuma ya ce Faransanci ne ke kawo aiki. Awa biyu kawai nake samu a rana. Wanne zai fi amfanata nan da shekara goma?

Ɗan'uwa, ka fara da D7 ɗin nan, domin ita ce ta tare maka ƙofa. A Gana, shiga digiri a jami'a, ko kwalejin horon malamai, ko makarantar koyon aikin jinya, yana buƙatar aƙalla C6 a Turancin WASSCE. Akwai kwasa-kwasan difloma da ke lamuntar D7, amma hanyarsu ta fi tsawo. Kuma duk harshen da ka ƙara daga baya, ta Turanci za a saye shi a ƙasar nan. Mai Faransanci da aka ɗauka aiki a Tema, rahotonsa da Turanci zai rubuta wa maigidansa. Wanda ya dawo da digiri daga Masar, da Turanci zai cike takardun neman a tantance shaidarsa, da Turanci kuma zai rubuta jarrabawar lasisin koyarwa. Saboda haka Turanci ba ya cikin gasar ma. Gasar tana tsakanin sauran biyun, bayan ka gyara shi.

Abin da ke kayar da yaran zango a jarrabawar nan sananne ne, kuma ba rashin jin Turanci ba ne. Takarda ta biyu, wadda ake rubutu da hannu, maki 100 ce: insha'i 50, taƙaitawa 30, fahimtar nassi 20. A cikin hamsin ɗin insha'i, goma na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar tsayawa yana cin rabin maki. Kuskure ashirin a insha'i mai kalma 450 ya share goman nan kaf, sannan ya ja makin iya bayani ƙasa. Kurakuran kuwa kusan iri ɗaya ne kullum. Hausar zango ba ta cika raba namiji da mace ba, Tonanci, wato Twi, ma haka, sai yaro ya fara labari da uwarsa ya ƙarasa yana kiranta da lamirin namiji. Burokan na titi ba ya canza aikatau idan abu ya wuce, sai a rubuta labarin jiya da siffar yau. A taƙaitawa kuma, an ce a ba da amsa cikin cikakkun jimloli da kalmomin kai, yaro sai ya kwafo layin nassin yadda yake, a soke. Maganin wannan ba aji mai mutum tamanin ba ne. Ka rubuta insha'i biyu a mako cikin minti hamsin kowanne, ka sami malami guda da zai bi da jan biro, ka buɗe littafi na musamman kana tara kurakuranka bisa iri. Bayan insha'i goma za ka ga iri huɗu ko biyar ne suke ta maimaituwa. Ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke kira Nov/Dec, a darasin Turanci da duk wani darasin da ka gaza C6. Wata takwas na awa goma a mako sun isa ga wanda ya tsaya a D7, in dai ana gyara masa rubutun.

Yanzu lissafin lokaci, wanda shi ne mutane suka fi tsallakewa. Awa biyu a rana, kwana biyar a mako, awa goma ke nan. Ka cire azumi da salla biyu da makonnin da kaya suka sauko da yawa, za ka tashi da mako 45, wato awa 450 a shekara. Ana auna ƙwarewar harshe da matakai shida, daga A1 zuwa C2. A2 shi ne mai iya gaisuwa da ciniki da tambayar hanya. B1 yana iya ba da labari ya rubuta gajeriyar wasiƙa. B2 shi ne wanda zai zauna a taro ya bi muhawara, ya ɗauki waya ya warware rikici, ya rubuta takardar da ba a jin kunyar turawa. Mai ɗaukar aiki B2 yake biya. Ƙasa da haka, sai dai a yi maka murmushi a ganawa a ce ka yi ƙoƙari. Makarantun Faransanci suna ƙiyasta kimanin awa 600 na karatu daga sifiri zuwa B2. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ba Faransanci awa 600 zuwa 750 ga mai Turanci, Larabci kuwa 2,200. Ka ɗora wannan a kan awa 450 ɗinka: Faransanci kimanin shekara ɗaya da rabi, Larabci daga tushe kusan shekara biyar. Kai kana da ragi tunda ka san baƙi da wasali kuma kunnenka ya saba, amma ragin bai kai yadda ake zato ba, zan zo kan wannan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce bari a haɗa duka ukun. Awa uku ga kowanne a mako yana nufin Faransanci zai sami awa 135 a shekara. Da wannan tafiyar sai ka haura shekara huɗu kafin B2, kuma a zahiri ba za ka kai ba, domin abin da aka koya ranar Litinin ya zube kafin Litinin ta zagayo. An ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda yake zaune a Kumasi kuma hannunsa na cikin fatauci, ni Faransanci zan sa a gaba bayan Turanci, kuma dalilina taswira ce. Ka fita ta Aflao, Togo ce. Ka fita ta Paga, Burkina Faso. Ka fita ta Elubo, Kodibuwa. Kayan Burkina da Mali da Nijar suna bi ta tashoshin Tema da Takoradi, kuma kowace mota tana da ɗan kasuwa a can ƙarshen da ke magana da rubutu da Faransanci. Sakatariyar yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka tana Accra tun 2020. Bankin Raya Afirka da ke Abidjan da Turanci da Faransanci yake aiki, hedikwatar Ecobank tana Lome. Mutanen Togo da Benin da Kodibuwa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke cika makarantun koyon Turanci a Accra, su fito da harshe biyu su ɗauki guraben da 'yan ƙasa suka kasa cikewa.

Za a ce maka ƙasashen Sahel sun juya wa Faransa baya. Gaskiya ne a siyasa: Mali da Burkina da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a tsarin mulkinta na 2023, Nijar kuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025. Amma a duk ukun Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki. Takardar kwastan, rasidin banki, kwangila, duk da shi ake rubuta su, kuma ba abin da ke canzawa cikin dare ɗaya ba ne.

Dubi sana'ar kawunka da kyau. Cinikin albasa da mutumin Galmi da Hausa ake ƙulla shi, ba ka buƙatar kowa. Inda ake asara shi ne takarda. A rubutun Faransanci, waƙafi shi ke raba cikakken adadi da gutsure, ɗigo ko ɗan fili kuma shi ke raba dubbai, akasin yadda aka koya maka a sakandare. Idan takardar awo ta ce 12,500 a layin tan, tan goma sha biyu da rabi ne, ba dubu goma sha biyu da ɗari biyar ba. Idan rasidi ya ce 1.250, sefa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne. Ƙidayar baki ma tana da nata tarko: saba'in da biyar a bakinsu "sittin da sha biyar" ne, casa'in da bakwai kuma "ashirin huɗu da sha bakwai". Mai A2 yana jin sittin ya rubuta 6 kafin mai maganar ya ƙarasa, lambar waya ko lambar mota ta lalace. A kan wannan ka ƙara lissafin Hausar Nijar, inda dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Saurayin da zai karɓi farashi da jika daga bakin direba, ya duba shi da takardar Faransanci, ya shigar da shi littafi da sidi, ya rubuta wa banki ko wakilin fito da Turanci, ba shi da yawa a kasuwa. Mutumin Lome mai harshe biyu ba lallai ya iya Hausa da Tonanci ba. Kai kana da su tun daga gida, kuma kada ka bar su a waje idan kana rubuta takardar neman aiki.

Sai dai harshe shi kaɗai ba sana'a ba ne. Wanda bai iya komai ba sai Faransanci, aikin da ke jiransa koyarwa ne ko zaman teburin karɓar baƙi ko amsa waya. Kuɗin yana wurin wanda ya ɗora harshen a kan wani abu: akanta da ya san tsarin lissafin kuɗin da ƙasashen sefa ke bi, wakilin fito da ya san ƙa'idar kayan wucewa, mai sayo kaya ga kamfani, ma'aikacin jinya a asibitin da marasa lafiya ke zuwa daga maƙwabta. Don haka da zarar C6 ta fito, ka nemi kwas na sufuri da sarrafa kaya, ko saye da adana kaya, ko akanta, a jami'ar fasaha ta Kumasi ko makamanciyarta, Faransancin yana tafiya a gefe da yamma.

Inda za ka koya: Alliance Française tana da reshe a Kumasi da Accra, akwai kuma Cibiyar Harsuna ta Gana da aka kafa a 1961, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UniMAC. Kowace ka zaɓa, ka nufi shaidar da ake ganewa a waje. DELF, wadda ma'aikatar ilimin Faransa ke bayarwa, ba ta ƙarewa har abada. Kashi huɗu ce, ji da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da jimillarsa ta haura. A B2 za a ce ka rubuta aƙalla kalma 250 kana kare ra'ayi, sannan a ba ka minti talatin ka shirya, ka tsaya gaban masu jarrabawa kimanin minti ashirin. Kada ka kashe kuɗi a kan jarrabawar A1 da A2, ba wanda ke tambayarsu. Ka zauna B1 don ka auna kanka, sannan B2. Jarrabawoyin Faransanci na TCF da TEF kuwa shekara biyu suke yi su mutu, don haka ba a yinsu sai tafiya ta tsaya. Kanada, misali, tana ba mai mataki na 7 a ma'auninta na Faransanci ƙarin maki a tsarin shige da ficenta, wanda ya yi daidai da B2. IELTS ta Turanci ma shekara biyu ce, kada ka yi ta don ado.

Wurin da ɗaliban Gana suke maƙalewa shi ne ji. Faransanci yana haɗiye ƙarshen kalmomi yana manna su da juna, sai ka ga mutum yana karanta jarida lafiya lau amma waya ta gagare shi. Daga wata na uku ka ware rabin awa kullum ga rediyo, ka saurari labari guda sau uku, ka rubuta abin da ka ji. Kuma kana da abin da mai zama a Landan ba shi da shi: direbobi da yaran mota daga Burkina da Nijar suna sauke kaya a gabanka. Ka roƙi ɗaya ya riƙa yi maka Faransanci tsawon saukalen, ko da zai yi maka dariya. Nasu na hanya ne, ba za ka rubuta shi a jarrabawa ba, amma shi zai buɗe maka kunne. Idan ka kai B1, wata biyu a Lome ko Wagadugu wurin 'yan'uwa ya fi wata shida a aji, da sharaɗin kada ka tare a zangon can kana Hausa daga safe har dare.

Larabci kuwa, sai mu raba shi biyu don kada a yi wa Baba rashin adalci. Akwai Larabcin addini, wanda ba a auna shi da albashi, kuma ba mai hankalin da zai ce ka ajiye shi. Ka riƙe darasinka na bayan asuba. Akwai kuma Larabcin aiki, shi ne muke aunawa a nan. Karatun zaure yana koya maka bin nassi mai wasali, malam yana fassarawa kalma bayan kalma. Bai koya maka ƙirƙirar jimla ba. Gwada kanka yau: buɗe labarin tattalin arziki a shafin wata jaridar Larabci, marar wasali, ka karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta wasiƙar layi goma kana neman a gyara rijiyar unguwa. Yawancin masu sauka suna tsayawa a layi na biyu. Wannan ba gazawarsu ba ce, abin da aka koya musu daban ne. Bayan haka kuma, Larabcin littafi ba shi ake yi a titin Alƙahira ko Riyad ba, kowace ƙasa da karin bakinta. A kamfanonin Dubai da Doha ma, inda ma'aikata suka fito daga Indiya da Filifin da Kenya, Turanci ne harshen aiki. Mai zuwa can da sana'ar lantarki ko jinya, Turancinsa da takardar sana'arsa za a duba.

Ga yadda hanyar Baba take idan an bi ta. Guraben kyauta a Madina ko Azhar sun fi yawa a fannonin shari'a, hadisi, da'awa da harshen Larabci. Wanda Larabcinsa bai nuna ba yakan yi shekara ɗaya ko biyu a sashen koyon harshe, sannan huɗu na digiri. Jami'o'in Saudiyya kuma yawanci ba sa ɗaukar wanda ya haura 25 a digirin farko, don haka ƙofar tana da wa'adi. Ka tafi kana 23, ka dawo kana dab da talatin. Me ke jiranka? Koyarwa a makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na hukumar ilimi, limanci da wa'azi, ƙungiyoyin agaji masu gina masallatai da rijiyoyi da kuɗin ƙasashen Larabawa, aikin hajji na 'yan makonni a shekara, da guraben tafinta a ofisoshin jakadanci, waɗanda ba su da yawa kuma mai riƙe da su ba ya saki. Masu neman waɗannan guraben a Kumasi da Tamale da Nima sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Malamin Larabci da ba shi da takardar koyarwa ta ƙasa, a kan alawus yake rayuwa, ba albashi mai fansho ba. Wanda ya tsira shi ne mai Turanci mai kyau: ya kai shaidarsa hukumar GTEC a tantance, ya ƙara difloma ta koyarwa, ya ci lasisi, ya shiga jerin albashin gwamnati. Tafintan da ake biya da daraja ma shi ne wanda zai ɗauki takardar Larabci ya mayar da ita Turancin da lauya zai karɓa. Ka ga ko ta wannan hanyar, D7 ɗin tana nan tana jiranka a filin jirgi.

Ba ina cewa hanyar ba ta da kyau ba. Idan zuciyarka malanta take so, kana jin daɗin nahawu da sarfu, kuma ka yarda da irin rayuwar da ke bayanta, ka tafi, amma da C6 a aljihu. Akwai ma hanya ta tsakiya da ba a cika faɗa wa iyaye ba: ana karanta Larabci a Jami'ar Gana da ke Legon haɗe da wani fanni, kuma kwalejin horon malamai ta Al-Faruq da ke Wenchi ta Musulunci ce, mai fita daga cikinta takardar ƙasa yake riƙewa. Duka biyun C6 suke nema.

In na jera maka shekarun, ga su. Ta farko, awa goman duka na Turanci har ka zauna jarrabawa. Ta biyu, ka shiga kwas ɗin sana'a, Faransanci ya karɓi awa goman, ka nufi B1 a ƙarshenta. Ta uku, B2, da ɗan zama a ƙetaren iyaka lokacin hutu. Kana 25 ko 26 kana da Hausa, Tonanci, Turanci, Faransanci da takardar sana'a. A lokacin ne, in har aikinka ya karkata ga masu shigo da kaya daga Dubai ko ƙungiyoyin agaji, za ka ɗora Larabcin zamani a kan tushen da kake da shi, kuma zai fi sauri domin ka riga ka san yadda ake koyon harshe.

Kafin ka biya ko sisi, yi wannan aikin na mako biyu. Tara tallan aiki talatin a fannin da kake so, daga jaridu da shafukan neman aiki. A kowanne ka duba ko an ambaci harshe, kuma an ce dole ne ko kuwa ƙari ne kawai. Ka ƙirga. Sannan ka zauna da Baba da kawunka tare, takardar a gabanku. Ka fara da nuna wa Baba cewa darasin asuba yana nan daram, kuma ta fuskar shekaru guraben Saudiyya yawanci ba za su rufe maka ba sai ka haura 25, don haka shekara guda ta gyaran Turanci ba ta hana komai. Idan sakamako ya fito, sai a sake zama a zaɓi tsakanin hanyoyin biyu.